Takardun shaidar cire haraji suna hannuna, amma hukuma ta ce ban biya ba: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun shafi kamfanoni da 'yan kwangila a Najeriya waɗanda masu ba su aiki ke cire musu haraji tun kafin kuɗi ya shiga asusu, harajin nan da ake rubuta WHT a kan bauca, sannan daga baya takarda ta zo daga hukumar haraji tana cewa ba ta san da wannan kuɗi ba. Hukumar tarayya ita ce wadda aka sani da FIRS, daga Janairun 2026 kuma sunanta ya koma NRS.

An riga an cire min kuɗin. Ta yaya za a ce ana bina?

Saboda cire kuɗi daban, isarsa hannun hukuma daban, rubuta shi da sunanka kuma daban. Harajin da ake cirewa a tushe ba wani sabon haraji ba ne, kafin alƙalami ne na harajin ribarka. Wanda ya ba ka aiki shi ne wakilin hukuma a nan: ya cire, ya tura wa hukumar tarayya kafin 21 ga watan da ke biye ya wuce, ya kuma haɗa da jadawalin da ke nuna sunan kowane ɗan kwangila, lambar harajinsa wato TIN, kuɗin aikin da abin da aka cire. Da wannan jadawali ne ake zuba maka kiredit, wato a rubuta abin da aka cire a matsayin harajin da ka riga ka biya, a shafinka na intanet na hukuma. Tun da hukuma ta fara aiki da manhajarta ta TaxPro Max a watan Yunin 2021, abin da jami'in haraji ke kallo shi ne abin da na'ura ta nuna masa a ƙarƙashin lambarka. Idan ɗaya daga cikin matakan nan uku ya faɗi, kai kana ganin giɓi a kuɗin da ya shigo bankinka, shi kuma yana ganin babu komai a gabansa, kuma dukanku gaskiya kuke faɗa.

Takarda ta iso. Mene ne abu na farko?

Rubuta ranar da ta shigo hannunka, a jikinta, ka sa hannu. Idan ta saƙon intanet ko ta shafin hukuma ta zo, adana hoton da ke nuna kwanan wata. Kwana 30 kake da su daga ranar da aka isar maka da takardar ƙididdigar haraji ka rubuta cewa ba ka yarda ba. Idan suka wuce ba ka ce uffan ba, doka na ɗaukar adadin a matsayin tabbatacce, kuma daga nan magana ta koma ta karɓar bashi, ba ta lissafi ba.

Wasu takardun ba ƙididdiga ba ce, wasiƙar tambaya ce kawai bayan an duba fayil ɗinka a ofis, wasu kuma ta neman biya ce. Shawarata ita ce kada ka ɓata lokaci kana gardamar wace iri ce. Duk takardar da ta ambaci adadin kuɗi ta ce ka biya, ka lissafa mata kwana 30. Zuwa ofis ka zauna da jami'i ya ce maka "kada ka damu, Alhaji, za mu duba" ba ya tsayar da kwanakin nan, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa.

Yaya ake daidaita lissafin a aikace?

Ana yi ne layi bayan layi, ba jimilla da jimilla ba. Abubuwa huɗu za ka shimfiɗa a gabanka: inbois ɗin da ka bayar, bayanin asusun banki da ke nuna abin da ya shigo, takardar shaidar cirewa ko rasit ɗin da mai aiki ya ba ka, da jerin kiredit ɗin da ke shafinka na hukuma. Kowane inbois layinsa guda, a gabansa ka rubuta kuɗin aikin ba tare da VAT ba, kason da aka cire, ranar biya, lambar takardar shaida, sannan ko ya bayyana a shafin hukuma ko bai bayyana ba.

Mu ɗauki misali, wanda na shirya don bayani kawai. Wani kamfani a Kano yana sayo kujeru da kayan ofis yana kai wa ma'aikatu da kamfanoni. A shekarar da ta ƙare 31 ga Disambar 2024 ya yi cinikin naira miliyan 240, ribar da ake ɗora wa haraji ta kama miliyan 20, harajin kashi 30 cikin 100 ya zama naira 6,000,000. Akantansa ya duba littafi ya ga an ciccire musu 5,200,000 a tushe, sai ya debe su, ya biya ragowar 800,000 a watan Yunin 2025. Bayan wasu watanni takarda ta zo: hukuma ta amince da 3,100,000 kacal, tana neman 2,100,000, da tarar kashi 10 cikin 100, da kuɗin ruwa.

Da aka bi layukan, sai aka ga yawancinsu sun yi daidai, giɓin duka a kan ayyuka huɗu yake, kuma kowanne da irin ciwonsa.

Na farko kwangilar miliyan 18 ce da wata ma'aikata. An cire kashi 5, wato 900,000, baucan biya ya nuna haka ƙarara, har an ba kamfanin wasiƙa mai hatimi. Amma babu lambar shaidar tura kuɗi a jikin wasiƙar, kuma babu komai a shafin hukuma. An cire, ba a tura ba.

Na biyu aikin miliyan 10 ne, an cire 500,000, an kuma tura da gaske. Sai dai mai aikin yana da tsohuwar lambar mai kamfanin a fayil ɗinsa, ta lokacin da yake kasuwanci da sunan kasuwanci kafin ya yi rajistar kamfani. Kuɗin ya tafi, amma da wata lamba.

Na uku 400,000 ne a kan aikin miliyan 8. Takardarsa sahihiya ce, ta bayyana a shafi, amma an riga an yi amfani da ita wajen biyan harajin 2023. Akanta bai share ta daga littafi ba, sai ta sake shiga lissafin bana.

Na huɗu 300,000 ne a kan aikin miliyan 6. Mai aikin ya yi jinkirin turawa, sai a watan Agustan 2025 kiredit ya bayyana, bayan kamfanin ya riga ya miƙa lissafinsa.

Haɗa su: 900,000 da 500,000 da 400,000 da 300,000, ka sami 2,100,000 cif. Wannan cikar ita ce alamar ka gama aikin. Matuƙar akwai saura da ba ka san daga inda ya fito ba, ko da naira dubu goma ce, akwai layin da ba ka gano ba, kuma sau da yawa ƙaramin sauran nan kurakurai biyu ne manya da suka kusa cinye juna.

To a cikin huɗun nan, wanne ake iya ƙwatowa?

Na huɗu shi ne mafi sauƙi: ka buga shafin da ke nuna kiredit ɗin, ka nemi a debe shi daga bashin. Na uku ya tafi, babu gardama, biyansa za a yi tare da tararsa ta 40,000 da ruwan da ya hau. Ni a ganina gara ka amsa wannan da kanka a cikin wasiƙarka tun kafin a nuna maka, domin jami'in da ya ga ka ware abin da ba naka ba ya fi saurin yarda da sauran layukanka.

Na biyu yana bukatar mai aikin, ba kai ba. Shi ya miƙa jadawali, shi zai rubuta wa ofishin harajin da yake hulɗa da shi cewa an yi kuskuren lamba, ya haɗa shaidar biya da jadawalin da aka gyara. Kai naka shi ne ka matsa masa ka kuma karɓi kwafin wasiƙar mai hatimin karɓa. Akwai wani ƙulli a nan da ya kamata a duba da wuri. Harajin da aka cire wa kamfani mai rajista na tarayya ne, wanda aka cire wa mutum ko mai sunan kasuwanci kuwa na hukumar harajin jiharsa ne, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Idan mai aikin ya ɗauke ka a matsayin mutum ya tura wa jiha, to hukumar tarayya ba za ta ba ka kiredit a kan kuɗin da bai shiga asusunta ba. Sai ya biya tarayya, shi kuma ya je ya nemi nasa a wurin jiha, kuma ba kowane mai aiki ne ke yin haka da daɗin rai ba.

Na farko shi ne mai wuya, kuma ya cancanci tambayarsa ta daban.

Idan wanda ya cire bai tura ba, laifina ne?

Ba laifinka ba ne, amma shekara da shekaru ɗan kwangila ne ke ɗaukar nauyin. A tsohon tsari hukuma ba ta ba da kiredit sai kuɗi ya shiga hannunta, don haka wasiƙar ma'aikata komai kyan hatiminta ba ta biyan haraji. Mutum ya rasa kuɗin a wajen mai aiki, ya sake biya a wajen hukuma.

Ƙa'idojin cire haraji a tushe na 2024, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, sun sauya wannan. Sun wajabta wa wanda ya cire ya ba ka rasit da bayanin abin da ya cire, sun ba ka damar miƙa rasit ɗin ga hukuma a matsayin hujja ko an tura kuɗin ko ba a tura ba, sannan abin da ba a tura ba ya zama bashi a wuyan wanda ya cire, da tararsa da ruwansa. Saboda haka ranar da aka cire kuɗin tana da muhimmanci ƙwarai. A misalinmu an cire 900,000 ɗin ne a 2024, don haka kamfanin ba zai jingina da sabuwar ƙa'ida kai tsaye ba. Hanyarsa ita ce ya kai wa hukuma bauca da bayanin banki, ya ambaci sunan ma'aikatar, ya nemi a bi ta, shi ma kuma ya ci gaba da bin ofishin akanta na ma'aikatar har a tura. Da a ce a watan Maris na 2025 aka cire, rasit ɗin kansa ya isa ya zama ginshiƙin ƙorafi.

Kada dai a ɗauka rubutun ƙa'ida ya sa na'ura ta fara zuba kiredit da kanta. Sai ka rubuta, ka haɗa rasit, ka ambaci ƙa'idar. Kuma rasit ɗin ya ƙunshi sunanka da lambarka, irin aikin, jimillar kuɗin, abin da aka cire da watan da aka cire. Guntuwar takardar da aka rubuta "an cire kashi biyu" ba ta kai ba.

Kuɗin da ya shigo banki bai yi daidai da kason da na lissafa ba. Ina matsalar?

Wurare uku ake dubawa. Na farko VAT: ana lissafa abin cirewa ne a kan kuɗin aiki kafin a ɗora VAT. Inbois na miliyan 6 da VAT na kashi 7.5 ya zama 6,450,000, amma kashi 5 ɗin a kan miliyan 6 yake, wato 300,000, ba 322,500 ba. Na biyu, ma'aikatun gwamnati ba abu ɗaya suke cirewa ba. Suna riƙe VAT ɗin su tura da kansu, suna cire harajin hatimi a kan kwangila, wani lokaci da kason da ake ajiyewa sai an tabbatar da ingancin aiki. Akantan da ya debe abin da ya shigo banki daga jimillar inbois ya kira dukan bambancin WHT ya kumbura kiredit ɗin da babu shi. VAT ɗin da aka riƙe ba ya biyan harajin riba, kiredit ɗin WHT ma ba ya biyan VAT.

Na uku sauyin kaso. Daga 2025 kai kaya ya sauko daga kashi 5 zuwa 2, aikin ba da shawara da na ƙwararru da kamfani ke yi ya sauko daga 10 zuwa 5, gina hanya da gada da gini ya koma 2 daga 2.5, haya kuwa tana nan a 10. Wanda ya ba da inbois na miliyan 10 a Disambar 2024 ya rubuta 500,000 a littafinsa, aka biya shi a Fabrairun 2025 aka cire 200,000, to 200,000 ne kiredit ɗinsa. Sauran 300,000 ba su ɓata ba, suna cikin kuɗin da ya shigo banki. Haka kuma wanda ya kai kaya ko ya yi aiki bai ba da TIN ba ana ninka masa kason, kuma ba tare da lamba ba babu shafin da za a zuba masa.

An ce hukuma na iya amfani da takardun nan a kaina. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ne ɓangaren da masu neman kiredit suka fi mantawa. Kowace takardar cirewa shaida ce ta abu biyu: an cire maka haraji, kuma ka sami kuɗin shiga. Mai binciken haraji yana raba kiredit da kasonsa ya fitar da cinikin da ke bayansa. Kiredit na 300,000 a kan kashi 5 na nufin aikin miliyan 6. Sai ya buɗe littafin cinikinka ya nemi miliyan 6 ɗin. Idan bai gani ba, ko dai ya hana kiredit ɗin, ko ya ƙara kuɗin a kan cinikinka ya ɗora masa haraji. A kashi 30, idan ba ka da shaidar abin da ka kashe a aikin, harajin miliyan 6 ya kai 1,800,000. Garin neman ƙiba an samo rama.

Don haka kafin ka miƙa kowace takarda, nemo inbois ɗinta a cikin lissafin da oditanka ya sa wa hannu. Sau da yawa kuɗin yana nan, amma a wata shekarar: an rubuta ciniki a 2023 lokacin da aka kai kaya, mai aiki ya biya ya cire a 2024. Wannan ba laifi ba ne, amma sai ka nuna shi da shafi da kwanan wata. Haka idan mai aiki ya cire kashi 5 a inda ya kamata 10, ko akasin haka, rabawar mai bincike za ta fitar da cinikin da bai yi daidai da wanda ka yi ba. Kwafin kwangila da inbois ne ke warware wannan.

Wani lokaci kuma za ka ga kiredit a shafinka daga kamfanin da ba ka taɓa yi wa aiki ba. Kuskuren lambar wani ne ya faɗo maka. Kada ka taɓa shi, ka sanar da ofishin harajinka a rubuce.

Me wasiƙar ƙin amincewa za ta ƙunsa?

Lambar takardar da kake ƙalubalanta, kwanan watanta da ranar da ka karɓa. Sannan adadin da ka yarda ana binka da wanda ba ka yarda ba, da dalilin kowane layi. A misalinmu kamfanin zai ce ya yarda da 400,000 kuma ga shaidar ya biya, bai yarda da 1,700,000 ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A haɗa jadawalin daidaitawa, kowane layi da lambar takardar da ke goyon bayansa, yadda jami'i ba zai yi ta tonon fayil ba. A nemi a soke tara da ruwan da aka ɗora a kan abin da aka tabbatar. Kwafi ake miƙawa, na asali su zauna a hannunka, kuma a karɓi hatimin karɓa ko shaidar miƙawa ta shafi.

Wasiƙar da ta ce "ba mu yarda ba, an riga an cire mana" kawai, ba adadi ba dalili, ana iya ƙin ɗaukarta a matsayin ƙorafi, kwanaki kuma suna tafiya.

Takardun mai aiki ba su iso ba, kwana 30 sun kusa cika.

Miƙa da abin da ke hannunka, bauca da bayanin banki da wasiƙar da ka aika wa mai aikin, ka rubuta cewa sauran na tafe.

Idan hukuma ta ƙi, ko ta yi shiru?

Idan ta ƙi, takan ba da takardar ƙin gyara ƙididdiga, daga nan kana da wasu kwana 30 ka shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji. Tana da zama a Kaduna don arewa maso yamma, Bauchi don arewa maso gabas, Jos don arewa ta tsakiya, da kuma Abuja. Daga can sai Babbar Kotun Tarayya, a kan batun doka. Game da shiru, Dokar Gudanar da Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba hukuma kwana 90 ta amsa ƙorafi, in ba ta amsa ba a ɗauka an karɓe shi. Wannan ma dalili ne na riƙe shaidar ranar da ka miƙa.

Sai dai a gaskiya rigimar kiredit ba kasafai take bukatar kotu ba, domin yawanci ba saɓanin doka ba ne, saɓanin takardu ne. Zaman daidaitawa da jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka, da jadawali a gaba, ya fi warware ta. Duk abin da aka amince a zaman a rubuta shi, ɓangarorin biyu su sa hannu.

Tsofaffin takardun da aka ba ni kafin zuwan na'ura fa?

Kafin 2021 ana rubuta kiredit a katin lissafin da ke ofishin haraji, wanda ake kira K-Card. Abin da ya rage a can ba ya hawa shafi da kansa. Sai an kai takardun na asali an tantance su, an tabbatar ba a yi amfani da su ba, sannan a shigar da ragowar. Wanda ya debe irin wannan kiredit daga harajinsa kafin a shigar, takardar neman biya za ta same shi ko da takardunsa na gaskiya ne.

Kiredit ɗina ya fi harajin da ake bina. Zan karɓi canji?

Rarar tana zama a shafinka ka biya harajin ribar shekara mai zuwa da ita, ko ka nemi a mayar maka da kuɗi. Neman mayarwa yakan jawo a binciki littattafanka tukuna, shi ya sa kamfanoni da yawa ke barinta ta jira baɗi. Ga wanda ribarsa ƙarama ce a kan ciniki, rarar kan yi ta taruwa kowace shekara ba ta ƙarewa, kuma irin wannan ne ya fi dacewa ya shirya takardunsa ya nemi kuɗinsa.

Yaushe ya kamata a riƙa duba shafin?

Kowane wata, bayan 21 ga wata ya wuce da 'yan kwanaki. Duk kuɗin da aka biya ka a watan jiya ya kamata kiredit ɗinsa ya fara bayyana. Wanda bai bayyana ba, a tuntuɓi akantan mai aikin a makon, tun bauca na kan teburinsa kuma jadawalin watan na hannunsa. Bayan shekara biyu wataƙila an yi masa canjin wurin aiki, fayil ya koma ɗakin ajiya, sabon akanta kuma bai san da zancen ba. Inbois ɗinka ya ɗauki sunan kamfani kamar yadda yake a rajista da TIN ɗin kamfanin, kuma idan ka tashi daga sunan kasuwanci ka koma kamfani, ka rubuta wa kowane tsohon mai ba ka aiki ya sauya lambar da ke fayil ɗinsa. Bauca, rasit da bayanan banki a ajiye su aƙalla shekara 6, domin hukuma na iya komawa baya har tsawon haka ta sake duba lissafi.